Yadda na fitar da jadawali daga fom 640 ba tare da na sake buga su duka da hannu ba

Sakataren wata ƙungiyar manoman rani da ke yankin Kura ne ya kawo mini aikin. Abokin mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa. Ya zo da 'yar na'urar ajiya a aljihun babbar riga, ya ajiye ta a kan teburina, ya ce: "Ɗana, takardun rabon taki ne na shekara uku. Kwamfutar da aka buga su a kai ta mutu, sai hotunan da aka yi sikanin. Masu binciken kuɗi na so su ga komai a Excel kafin ƙarshen wata."

Fom 640 ne, kowanne shafi guda, duk siffa ɗaya. A sama akwai sunan rukuni da farashin buhu na wannan shekarar. A ƙasa akwai jadawali mai ginshiƙi shida: lambar jeri, sunan manomi, ƙauye, buhun NPK, buhun yuriya, da kuɗin da ake bin sa. Layin manoma 25 ne, sai layin kai a sama da layin jimla a ƙasa. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne rubutun na inji ne, ba na hannu ba. Tesseract, wato manhajar OCR mai karanta rubutun da ke cikin hoto, wadda na yi amfani da ita, an horar da ita ne a kan rubutun bugawa. Da an cika fom ɗin da biro, da tun a ranar na ce wa Baba ya nemo masu buga rubutu.

Kafin in rubuta ko layi ɗaya na Python, sai da na duba ingancin hotunan. Umarnin `pdfimages -list` yana nuna ainihin yawan ɗigon da aka yi sikanin da shi a kowane inci. Yawancin fayilolin 300 ne, amma akwai wani kashi da aka yi da 150. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Takardar A4 a ɗigo 300 tana fitowa fikzel 2480 a faɗi, 3508 a tsayi, kuma babban harafi yana samun tsayin fikzel wajen talatin, wanda nan ne Tesseract ta fi jin daɗin karatu. A 150 kuwa rabin haka ne, inda ƙaramin giɓin da ya raba 3 da 8 bai wuce fikzel biyu ko uku ba. Kana iya buɗa hoton ya yi girma, amma abin da sikana ba ta ɗauka ba ba zai dawo ba. Na tambayi Baba ko takardun na nan. Ya ce suna cikin akwatin ƙarfe a ofis. Aka sake yi wa waɗannan sikanin, da launi, a 300. Sannan na mayar da komai hoto:

```bash
pdftoppm -r 300 -png fom.pdf shafi
```

Gwajina na farko shi ne wanda kowa ke fara yi. Na miƙa wa `pytesseract.image_to_string` shafin gaba ɗaya da `--psm 6`, wanda ke sa Tesseract ta ɗauki shafin a matsayin dunƙulen rubutu guda, na karɓi rubutun, na yanka kowane layi a inda aka sami sarari. A fom na farko abin ya yi kyau har na ɗauka na gama. A na huɗu na ga wani manomi da buhun yuriya 60,000, gurbin kuɗinsa kuma babu komai.

Da na buɗe hoton sai na gane. Mutumin bai karɓi yuriya ba, an bar gurbin fanko. Tesseract ba ta san akwai gurbi a wurin ba, kalmomi kawai take gani a jere, don haka kuɗin ya matso ya zauna a mazaunin yuriya. Sunaye ma haka: wani sunansa kalma biyu, wani uku, wani ƙauyen kalma ɗaya kamar Kadawa, wani biyu kamar Ɗan Hassan. Babu yadda za ka san inda suna ya ƙare, ƙauye ya fara. Kuma shirin bai yi ko tari ba. Bai tsaya ba, bai nuna kuskure ba, ya rubuta fayil mai tsafta cike da ɓarna. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin bashin mutane ne a ciki.

Daga nan na sauya hanya gaba ɗaya. Ba zan ƙara barin Tesseract ta yanke hukunci a kan wace kalma ce ta wane ginshiƙi ba. Ni zan nemo layukan jadawalin, in yanka kowane gurbi shi kaɗai, in miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Aikinta karanta abin da ke cikin gurbin ne kawai.

Nemo layukan da OpenCV na yi shi, wato kundin sarrafa hotuna da ake kira `cv2` a Python. Da farko ana mayar da hoton baƙi da fari. Na yi amfani da `adaptiveThreshold` maimakon ma'auni guda ga dukan shafi, domin takardun sun sha zama a akwati, gefen wasu ya yi ja, wasu kuma akwai inuwar ninki a tsakiyarsu. Sai a bi hoton da wani siririn ma'auni mai tsawo, wanda ba ya barin komai sai abin da ya kai shi tsawo a miƙe.

```python
baki = cv2.adaptiveThreshold(toka, 255, cv2.ADAPTIVE_THRESH_MEAN_C,
                             cv2.THRESH_BINARY_INV, 31, 15)
h, w = baki.shape
k1 = cv2.getStructuringElement(cv2.MORPH_RECT, (w // 30, 1))
k2 = cv2.getStructuringElement(cv2.MORPH_RECT, (1, h // 40))
kwance = cv2.morphologyEx(baki, cv2.MORPH_OPEN, k1)
tsaye = cv2.morphologyEx(baki, cv2.MORPH_OPEN, k2)
```

A wannan girman shafi, ma'aunin kwance ya zama fikzel 82, na tsaye 87. Babu harafin da ke da zare mai tsawon haka, saboda haka rubutu duk ya ɓace, sai layuka farare a kan baƙi, kamar an share gona an bar kunyoyi. Lokacin da na fara ganin hoton nan a allo na san hanyar za ta ɓulle.

Sai dai karkata ta kusa rusa komai, kuma a nan na fi daɗewa. Duk takardar da aka sa a sikana da hannu tana ɗan karkacewa, ido ba ya ma lura. Amma faɗin jadawalin fikzel 2200 ne, kuma karkatar digiri ɗaya kacal tana sa ƙarshen layi na dama ya sauka da fikzel 38 ƙasa da farkonsa na hagu. Tsayin gurbi kuwa fikzel 90 ne. Wato idan ka yanka a miƙe, a ɓangaren kuɗi za ka ɗebo rabin lambar wani manomi da rabin ta maƙwabcinsa. Idan karkatar ta haura digiri biyu kuma wani abin ke faruwa: layin da kaurinsa fikzel uku ne ba ya iya ɗaukar ma'aunin fikzel 82 a miƙe, sai ya ɓace tare da rubutun. Alamar da za ka gani ita ce hoton `kwance` ya fito baƙi ƙirin, ko layukan su fito guntu-guntu.

Maganin hawa biyu na yi masa. Da farko na nemo mafi girman zane a shafin da `findContours`, wanda kullum katangar jadawalin ce ta waje, na ciro kusurwoyinta huɗu da `approxPolyDP`. Sannan na miƙe jadawalin da `getPerspectiveTransform` da `warpPerspective`, na tilasta wa kowanne ya zama fikzel 2200 a faɗi, 2430 a tsayi. Amfanin wannan ya wuce gyara karkata. Wasu fom ɗin fotokwafi ne, injin ya ɗan rage musu girma, wasu ya miƙe su ta gefe ɗaya. Da zarar an ɗaure kusurwoyi huɗu a wuri ɗaya, duk sun zama tamkar an buga su a rana guda. Bayan an miƙe ne nake sake neman layukan.

A nan na kafa shingen farko. Jadawali mai layi 27 dole ya kasance da zare 28 a kwance, mai ginshiƙi shida kuma dole zare bakwai a tsaye. Ina tara fararen fikzel na kowane jeri, inda tarin ya haura rabin faɗin jadawali na ɗauke shi zare ne, in haɗe waɗanda ke manne da juna su zama ɗaya. Idan ƙidayar ta ba da 28 da 7, fom ya wuce. Idan ta ba da wani abu dabam, ko da 27 ne, shirin ba ya yin hasashe. Yana kwafe hoton zuwa wata jaka ta daban, ya rubuta dalili, ya ci gaba. Na gwammace in zauna da fom arba'in a hannu da in bar guda ɗaya ya shige da layi biyu a haɗe.

Yankan gurbi ma akwai dabara a cikinsa, kuma kuskure ne ya koya mini ita. Ga misalin da har yanzu nake tunawa, a fom na 87, layi na 12. Manomin ya karɓi NPK buhu 3 da yuriya buhu 2. Farashin da ke saman fom ɗin shi ne naira 20,000 ga NPK, 18,000 ga yuriya. Kuɗinsa ke nan 60,000 a tara da 36,000, wato 96,000, kuma haka aka buga a takarda. Shirina ya karanta 196,000. Da na buɗe yankakken gurbin na ƙara masa girma, sai ga wani siririn baƙin zare a gefen hagu, ragowar layin jadawali da wuƙata ta ɗebo. Tesseract ta gan shi a tsaye kusa da lamba, ta ce 1 ne. Naira dubu ɗari ta hau kan bawan Allah saboda fikzel biyu.

Tun daga nan nake shiga ciki da fikzel shida ta kowane gefe kafin in yanka, sannan in kewaye abin da na yanka da farin fili na fikzel goma sha biyar. Farin filin nan wajibi ne, domin Tesseract na rikicewa idan rubutu ya manne da bakin hoto, har takan dawo da babu komai.

```python
g = miqe[y1+6:y2-6, x1+6:x2-6]
g = cv2.copyMakeBorder(g, 15, 15, 15, 15,
                       cv2.BORDER_CONSTANT, value=255)
lamba = pytesseract.image_to_string(
    g, config="--psm 7 -c tessedit_char_whitelist=0123456789,")
```

`--psm 7` yana gaya mata layin rubutu ɗaya ne tak a hoton. Jerin `tessedit_char_whitelist` kuma ya hana ta ganin harafin O a madadin sifili, ko S a madadin 5. Wanda zai gwada ya duba `tesseract --version` tukuna, domin a fitowa ta 4.0 wannan jerin ba ya aiki da sabon injin karatun, sai daga 4.1 aka gyara. Gurabun buhu, masu lamba ɗaya tilo, su ne suka fi ba da wahala: lamba guda a tsakiyar farin fili sau da yawa takan dawo fanko. Idan haka ta faru ina sake gwadawa da `--psm 10`, wanda ke nufin harafi ɗaya ne. Kuma kafin in kira Tesseract ma, ina auna yawan tawadar da ke gurbin. In babu tawada, gurbin fanko ne na gaskiya, sifili ne. In akwai tawada amma ba a karanta komai ba, wannan "ban gane ba" ne, kuma ban taɓa barin a rubuta shi sifili ba. Haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya shi ne hanya mafi sauri ta yafe wa mutum bashin da bai biya ba.

Hatimi ya zo da tasa matsalar. Shugabannin rukuni sukan buga shi daidai kan layin jimla, inda na fi buƙata. Abin da ya cece ni shi ne tawadar hatimin shuɗiya ce mai ɗan jaja-jaja, rubutun kuma baƙi. Hoto mai launi hawa uku ne, shuɗi, kore da ja, kuma a hawan shuɗi abu mai launin shuɗi yana fitowa da haske sosai, baƙi kuwa yana nan baƙinsa. Da na ɗauki `hoto[:, :, 0]` kaɗai a madadin in mayar da hoton toka-toka, sai hatimin ya dusashe kamar an wanke shi, lambobin suka fito sarai. A kula: `cv2.imread` shuɗi take sa wa a farko, amma hoton da ya fito daga Pillow ja ne a farkonsa. Fom ɗin da aka yi wa sikanin baƙi da fari kuwa babu wannan mafita, hatimi da lamba sun zama abu ɗaya.

Yanzu ga abin da a ganina shi ne ƙashin bayan aikin duka. Tesseract tana bayar da makin tabbaci ga kowace kalma ta `image_to_data`, daga sifili zuwa ɗari. Na fara dogara da shi, sai na ga 196,000 ɗin nan ta zo da maki mai yawa. Makin yana nuna yadda manhajar ta gamsu da abin da ta gani ne, ba ya nuna ko abin da ta gani daidai ne. Amma fom ɗin da kansa yana ɗauke da shaidunsa. Kowane layi lissafi ne: buhu sau farashi dole ya ba da kuɗi. Kowane ginshiƙi ma lissafi ne: layuka 25 dole su tara su ba da abin da ke layin jimla.

```python
daidai = npk * f_npk + yuriya * f_yuriya == kudi
```

Wannan ɗan layin ya fi dukan sauran shirin daraja. Lamba uku ne aka karanta daga gurabu uku daban, kuma da wuya ƙwarai kurakurai su haɗa baki su ba da lissafin da ya tashi daidai. Farashin kuwa ban bar wa Tesseract shi ba. Shekara uku ce, farashi kashi uku, na buga su da hannuna.

Har ma lissafin ya kan nuna amsar. Da farashin 20,000 da 18,000, kuma ba a ba kowa fiye da buhu biyar na kowane iri ba, 96,000 ba za ta fito ba sai daga 3 da 2. Saboda haka idan gurbin NPK ya ƙi karantuwa, amma yuriya da kuɗi sun fito, ana iya gano shi. Na yarda shirin ya cike irin wannan gurbi bisa sharaɗi biyu: jimlar ginshiƙin ta tabbatar da shi, kuma a sa masa alama a wani ginshiƙi cewa lissafo shi aka yi, ba karanta shi aka yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirin ya canza lambar da ya riga ya karanta don lissafi ya tashi. Wanda ya yi haka zai binne kuskuren da ke kan takardar kanta, alhali shi masu bincike ke nema.

Sunaye kuwa ba su da mai tsaron su. Kundin `eng` na Tesseract bai san ɓ, ɗ, ƙ ba, don haka Ɗ takan koma D, wani lokaci ma wata alama marar ma'ana. Imawa takan fito da ƙaramin l a farko a madadin babban I. Na ƙauyuka da sauƙi: Baba ya rubuto mini sunayensu duka, ba su kai arba'in ba, na sa `rapidfuzz` ta kai kowane karatu ga mafi kusa da shi a jerin, in kusancin ya gaza 85 a ajiye mini. Sunayen mutane ban yi musu haka ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Sani da Sabi'u, Hassan da Hussaini, Ali da Aliyu, a wurin manhaja 'yan haruffa ne suka raba su, a ƙauye kuwa mutum biyu ne, kowa da gonarsa da bashinsa. Na bar su yadda aka karanta su.

Batun lokaci a taƙaice. Na tsallake ginshiƙin lambar jeri da layin kai, saura gurbi 130 a kowane fom, 83,200 ke nan gaba ɗaya. Duk kiran `pytesseract` sabuwar Tesseract yake tayarwa, ya rubuta hoto a faifai, ya karanto amsa. A kwamfutata kusan rubu'in daƙiƙa ne, wato wajen awa shida. Na raba aikin gida huɗu da `multiprocessing.Pool(4)`, sai ya ƙara nauyi maimakon sauri, domin kowace Tesseract tana buɗe nata zaruruwan aiki, suna ta rububin ƙwaƙwalwar injin. Da na sa `OMP_THREAD_LIMIT=1` sai aikin ya sauko ƙasa da awa biyu. Kowane fom kuma fayil ɗinsa daban nake rubutawa da zarar ya kammala, shirin yana tsallake wanda ya tarar an gama. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, batirin ya ƙare, da ta dawo daga inda ya tsaya ya ɗora.

Da gari ya waye na duba sakamako. Fom 41 sun faɗi a shingen layuka: wasu an ninke su daidai kan zare har ya goge, wasu an sa su a sikana ta gefe, biyu kuma tsohon fom ne mai ginshiƙi bakwai wanda Baba ma ya manta da shi. Waɗanda aka sa ta gefe na juya su na sake turawa, sauran muka buga da hannu. A cikin 599 da suka wuce tun farko, layi 14,975 ke nan, lissafi ya ƙi tashi a 312.

Don duba waɗannan na haɗa wani shafi mai sauƙi: hoton layin kamar yadda yake a takarda a sama, abin da aka karanta a ƙasansa, da gurbin gyara. Ni da Baba muka zauna bayan la'asar, shi yana karanta hoton da tabarau a kan hanci, ni ina bugawa. Yawancinsu 3 da 8 ne, ko 1 da 7, ko inda wani ya soke lamba da biro ya rubuta wata a samanta. Amma a layi 19 Tesseract ba ta yi kuskure ba. Abin da ta karanta shi ne a takardar, lissafin magatakarda ne bai tashi ba tun asali. Baba ya daɗe yana kallon ɗaya daga ciki, ya ce: "Wannan kada ka taɓa shi, ɗana. Ka bar shi yadda yake, ka sa masa ja." Haka na yi wa duka goma sha taran.

Saura tambaya ɗaya da ta hana ni sakewa: layukan da suka wuce fa, wa ya duba su? Na sa shirin ya zaɓo 200 a cikinsu ba tare da tsari ba, na gwada kowanne da hotonsa. Lambobi babu kuskure ko ɗaya. Sunaye kuwa 11 na da matsala, yawanci ƙugiya ce ta faɗi, ko r da n suka manne suka zama m. Na gaya wa Baba gaskiyar lamarin: kuɗi da buhu ya dogara da su, sunaye kuwa sai an karanta su a gaban shugabannin rukuni, kowa ya gyara na mutanensa. Don haka na ƙara ginshiƙi biyu a ƙarshen fayil ɗin, sunan hoton da lambar layi, yadda duk wanda ya yi jayayya a kan wata lamba za a buɗe masa takardar a nuna masa ita cikin minti ɗaya.

Na fitar da fayil ɗin a tsarin CSV da `encoding="utf-8-sig"`, domin in ba haka ba Excel kan dagula ɗ da ƙ ɗin sunayen ƙauyukan da muka sha wahalar gyarawa. Na kwafa masa a na'urar da ya kawo, tare da jakar fom ɗin da muka buga da hannu da jerin layuka 19 masu ja. Ya mayar da ita aljihu, ya ce ranar Asabar zai tara shugabannin rukuni a fara karatun sunaye daga Kadawa.